Ƙwallo ta Biyu: Wasiƙar Ɗalibar da Ta Ci Amsa Ta Rasa Maki

Ga wata tambaya da ba ta ɓacewa daga takardun gwajin lissafin yiwuwa, wato fannin da ke auna damar faruwar abu kafin ya faru. An zuba ƙwallaye 8 a cikin jaka, 5 jajaye, 3 farare, duk girmansu ɗaya. Mutum ya sa hannu ba ya gani ya ciro ɗaya, bai mayar ba, ya sake ciro wata. Sashe na farko: mene ne yiwuwar duka biyun su zama jajaye? Sashe na biyu: mene ne yiwuwar ƙwallo ta biyu ta zama ja?

Mu ɗauki misalin ɗaliba 'yar aji biyu a jami'a da ta zauna wannan gwaji. Sashe na farko bai ba ta wahala ba. Ta rubuta 5/8 × 4/7, ta sami 20/56, ta rage shi zuwa 5/14, aka ba ta maki 3 cif. A sashe na biyu, mai maki 5, layi biyu kawai ta rubuta: "Tunda ba a faɗa mana launin ƙwallon farko ba, kowace daga cikin ƙwallaye takwas tana da dama iri ɗaya ta zama ita ce ta biyu. Biyar ne jajaye, saboda haka amsa 5/8." Da takarda ta dawo sai ta tarar da jan biro ya ratsa layukan, an sa mata sifili, a gefe kuma Malam ya rubuta: "Ba a mayar da ta farko ba!" Da aka yi gyara a aji, Malam ya cika rabin allo da lissafi, ya ƙare a kan 5/8, amsar da ke takardarta.

Kafin a ga laifin Malam, ya kamata a san abin da yake hannunsa lokacin da yake duba takardun. Mai duba jarrabawar lissafi yana aiki ne da jagoran maki, takardar da aka warware kowace tambaya a cikinta aka kuma raba makin mataki-mataki. Duk wanda ya taɓa ganin irin ta hukumar WAEC ko ta Cambridge ya san alamomin nan: M1 maki ɗaya ne na hanya, A1 maki ɗaya ne na dacewar amsa, B1 kuma maki ne mai zaman kansa da bai rataya a kan wani mataki ba. Ƙa'idar da ta shafi ɗalibarmu ita ce makin A yana bin bayan makin M. Idan ba a ga hanya ba, amsa daidai tana iya tashi ba ta jawo komai ba. An yi hakan ne don kada wanda ya leƙa takardar maƙwabcinsa ya kwashe lambar ƙarshe ya tashi da maki.

Hanyar da ke cikin jagoran Malam ita ce ta rassa, wadda ake zanawa kamar bishiya. Ana cewa ƙwallon farko ko dai ja ce ko fara. Idan ja ce, kuma damar hakan 5/8 ce, to saura ƙwallaye 7 a jaka, 4 jajaye. Idan fara ce, damar hakan 3/8, saura 7 ɗin dai, amma jajayen nan 5 suna nan ba a taɓa su ba. Sai a ninka kowane reshe, a haɗa:

5/8 × 4/7 + 3/8 × 5/7 = 20/56 + 15/56 = 35/56 = 5/8

Maki ɗaya na gane cewa rassa biyu ne, ɗaya-ɗaya na kowane reshe, ɗaya na haɗawa, ɗaya na amsa. Biyar ke nan. Ɗalibarmu ba ta rubuta ko ɗaya daga cikin matakai huɗun farko ba, don haka na biyar ɗin ma ya zame mata.

Akwai kuma wani abu da ya sa Malam ya yi saurin jan biro, kuma shi ne ya sa wannan tambaya ta fi sauran tsauri. Ɗalibin da bai karanta tambaya da kyau ba, ya ɗauka ana mayar da ƙwallon farko cikin jaka, shi ma 5/8 zai rubuta, domin a tunaninsa jakar ba ta canza ba. Wato kuskuren da ya fi yawa a ajin yana haifar da amsa daidai. Malamin da ya duba takardu tamanin a dare ɗaya, ya ga 5/8 tsirara sau ashirin, idan ya zo ta ashirin da ɗaya ba lallai ne ya tsaya karanta jimlar da ke samanta ba. Ido ya riga ya saba.

To ita hanyar ɗalibar, ingantacciya ce ko sa'a ta yi?

Ingantacciya ce, kuma 'yan adashe sun riga malaman jami'a saninta. Idan mutum takwas za su yi ƙuri'ar wanda zai fara kwasa, a naɗe takardu takwas a zuba a hula, babu mai hankalin da zai yi rigima a kan sai shi zai fara sa hannu. Wanda ya ɗauka na biyu da wanda ya ɗauka na takwas duk damarsu ɗaya, muddin dai takardun a naɗe suke kuma an gauraya su. Haka ƙwallayen nan. A yi tunanin an ciro su duka takwas ɗaya bayan ɗaya an jera a layi. Babu wata ƙwallo da ta fi 'yar'uwarta kusanci da gurbi na biyu, tunda hannu ba ya ganin launi. Kowace tana da dama ɗaya cikin takwas, jajaye kuma biyar ne.

Wanda bai gamsu da magana ba, sai a yi masa ƙirge. Hanyoyin ciro ƙwallo biyu a jere daga takwas su ne 8 × 7, wato 56, kuma duk damarsu ɗaya. Nawa ne daga ciki ta biyu take ja? A fara cike gurbi na biyu: jajaye 5 ne, zaɓi 5 ke nan. Kowace aka sa a can, saura ƙwallaye 7 da za su iya zama ta farko. Biyar sau bakwai, 35. Ga 35/56 ɗin Malam ta fito ba tare da an zana reshe ko ɗaya ba. Abin da ke ɗaure wa mutane kai a nan shi ne fara ƙirge daga ta biyu kafin ta farko, kamar an juya lokaci baya. Ƙirge ba ruwansa da wadda aka fara cirowa. Nau'o'in sakamako ake lissafawa, kuma daga kowane gefe aka fara, adadinsu ba ya canzawa.

Ba kuma lambobin 5 da 8 ne suka yi gamo da katar ba. A canza su a gani: ƙwallaye 6, jajaye 2. Hanyar rassa ta ba da 2/6 × 1/5 + 4/6 × 2/5, wato 2/30 da 8/30, jimla 10/30, ɗaya bisa uku, daidai da 2/6 ɗin da hanyar ɗalibar za ta bayar nan take. Kowace lamba aka sa haka za ta kasance.

Sai dai a lura da wani tarko, domin a nan ne yawancin masu ƙorafi suke zamewa. A tambayoyi da dama, idan kana so ka nuna hanyarka ba sa'a ba ce, canza lambobi ya isa: hanyar banza takan ci sau ɗaya ta faɗi a na biyu. Akwai sanannen misalin ɗalibin da aka ba 16/64 ya rage, ya soke shida ta sama da shida ta ƙasa, ya bar 1/4, amsa kuma ta yi daidai. A ba shi 12/24 ya soke biyu da biyu, zai sake samun 1/4 alhali rabi ne, asirinsa ya tonu. Amma a tambayar ƙwallo ta biyu wannan gwaji ba ya raba gardama, domin mai kuskuren mayarwa shi ma kullum amsarsa za ta dace, ko sau ɗari aka canza lambobin. Abu ɗaya ne ya bambanta ɗalibarmu da shi: dalilin da ta rubuta da hannunta a kan takarda. Da 5/8 kaɗai ta rubuta, da ba ta da ƙara, ko da kuwa duk wannan tunani yana cikin kanta. Malami ba ya duba zuciya, abin da biro ya bari yake dubawa.

Saboda haka wasiƙarta dole ta tsaya a kan takardar. A jami'o'inmu da Turanci ake rubuta irinta, amma ga yadda za ta kasance da Hausa:

"Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa da fatan Malam yana lafiya.

"Ni ɗalibarku ce a darasin lissafin yiwuwa na aji biyu, sunana da lambar rajistata suna ƙasa. Ina roƙon Malam, idan ya sami sarari, ya sake duba tambaya ta uku, sashe na biyu, a gwajin da aka raba mana takardunsa ranar Talata. An ba ni sifili cikin maki 5, kuma an rubuta a gefe cewa ba a mayar da ƙwallon farko ba.

"Na fahimci abin da ya sa amsata ta yi kama da ta wanda ya ɗauka ana mayarwa, tunda shi ma 5/8 zai samu. Amma ba wannan hanyar na bi ba. A sashe na farko na tambayar na rubuta 5/8 × 4/7, wanda ya nuna na san ƙwallaye bakwai ne suka rage bayan ta farko. A sashe na biyu kuma na rubuta dalilina a layin da ke saman amsar: tunda ba a san launin ta farko ba, kowace ƙwallo tana da dama iri ɗaya ta zama ta biyu.

"Ga yadda dalilin ya haɗu da hanyar da Malam ya yi mana a allo. Jerin ƙwallo biyu daga takwas 56 ne. Waɗanda ta biyu take ja 5 × 7 ne, wato 35. Wannan 35 ɗin ita ce 20 da 15 na rassan Malam biyu. Na san wannan ƙirgen ba ya cikin takardata, na kawo shi ne kawai don ya nuna cewa jimlar da na rubuta tana da tushe. Tambayar kuma ba ta ce a yi amfani da zanen rassa ba.

"Na yarda bayanina ya yi gajarta, kuma da na faɗaɗa shi da bai jawo shakka ba. Idan Malam ya ga akwai kuskure a cikin dalilin kansa, zan so a nuna mini don kada in maimaita shi a jarrabawa. Na haɗo hoton shafin, takardar asali kuma tana hannuna yadda aka ba ni ita, zan kawo ofis duk lokacin da Malam ya ce.

"Na gode. Allah ya ƙara wa Malam lafiya."

Wasiƙar gajera ce, kuma kowace jimla a cikinta tana da aikin da take yi. Ta faɗi lambar tambaya da sashe da makin da aka bayar tun a farko, don kada Malam ya tashi neman abin da ake magana a kai. Ta riga shi faɗin zarginsa da bakinta, wanda ke nuna ta karanta abin da ya rubuta a gefe ta kuma gane shi. Hujjarta mafi ƙarfi kuwa ita ce 4/7 ɗin nan ta sashe na farko. Shaida ce da take cikin takardar tun a ɗakin gwaji, Malam da kansa ya sa mata maki, kuma ba zai yiwu mutum ya san ba a mayarwa a layi na uku ya manta a layi na shida ba tare da wani dalili ba.

Wurin da na fi yaba mata shi ne inda ta raba abin da ta rubuta a gwaji da abin da ta ƙaro daga baya. Ɗalibai da yawa sukan zo da shafi biyu na sabon lissafi da suka yi a ɗaki, wataƙila da taimakon wani na gaba da su, su ce ai abin da suke nufi ke nan. Malami yana ganin haka zai rufe zancen, kuma yana da gaskiya, domin maki na abin da aka yi cikin awa ɗaya ne a ƙarƙashin idon mai tsaro. Sabon bayani yana da amfani ɗaya tak, shi ne tabbatar da cewa tsohon bayanin daidai ne. Maganar "takardar asali tana hannuna yadda aka ba ni ita" ma ba ado ba ce. Takardar da aka ga an ƙara mata ko harafi ɗaya bayan an mayar wa mai ita ta tashi daga batun neman maki ta koma batun maguɗin jarrabawa, wanda ke iya kai mutum gaban kwamitin ladabtarwa.

Akwai kuma abubuwan da ta bari a waje, da gangan. Ba ta ce ƙawarta ta rubuta ƙasa da haka aka ba ta maki uku ba. Wannan ba ya ƙara mata komai, sai dai ya jawo wa ƙawar raguwa. Ba ta kuma ambaci cewa makin nan biyar ne tsakaninta da babban sakamako ba, ko da yake hakan na iya zama gaskiya. A tsarin da yawancin jami'o'in Nijeriya ke bi, 70 zuwa sama A ce mai daraja 5, 60 zuwa 69 kuma B ce mai daraja 4. Wanda ya tashi da 66 a darasi mai nauyi 3 ya sami 12, wanda ya tashi da 71 ya sami 15. Bambancin ba wasa ba ne ga mai fafutukar digiri mai daraja. Amma buƙatar ɗalibi ba hujjar lissafi ba ce, kuma da zarar ta shigo wasiƙa, sai malami ya karanta sauran a matsayin roƙon alfarma.

Irin wannan gardama ta girmi jami'o'inmu nesa ba kusa ba, har ma ana iya cewa da ita fannin ya fara. A shekarar 1654 wasu Faransawa biyu, Blaise Pascal a birnin Faris da Pierre de Fermat a Toulouse, suka yi ta musayar wasiƙu a kan wata matsala ta 'yan caca. Mutum biyu kowa ya zuba kuɗi 32, aka yi sharaɗin wanda ya fara cin wasa uku ya kwashe 64 ɗin. Na farko ya ci biyu, na biyu ya ci ɗaya, sai wasa ya tsaya. Yaya za a raba kuɗin? Pascal ya bi ta mataki-mataki: idan na farko ya ci wasa na gaba ya kwashe 64, idan ya faɗi sun yi kunnen doki kowa ya ɗauki 32. Ke nan 32 tasa ce ko ta yaya, sauran 32 ɗin kuma a raba biyu, ya tashi da 48, abokinsa 16. Hanyar Fermat daban ce. A tsarinsa sai a ɗauka an buga duk wasannin da za su iya saura, a nan guda biyu, a jera sakamako huɗu masu dama iri ɗaya. Na farko yana yin nasara a uku daga ciki, kashi uku bisa huɗu na 64 kuma 48 ne.

Da Pascal ya nuna wa abokansa masana hanyar Fermat, wani babban malamin lissafi mai suna Roberval ya ƙi ta. Hujjarsa ita ce idan na farko ya ci wasa na gaba ai magana ta ƙare, ba wanda zai buga na bayansa, to don me za a ƙirga wasan da ba za a yi ba? Pascal ya ba da labarin wannan suka a wasiƙarsa ta 24 ga Agusta 1654, ya kuma amsa ta: buga wasan da ya rage ba ya canza wanda ya yi nasara, saboda haka ƙirga shi ba ya cutar da kowa. Amfaninsa shi ne yana sa duk sakamakon su zama masu nauyi ɗaya, ta yadda za a iya ƙirga su kai tsaye. Jera ƙwallaye takwas da muka yi a baya, alhali biyu kawai aka ce a ciro, wannan dabarar ce.

Bayan shekara ɗari cif, a 1754, wani gwanin ya faɗa ramin da Roberval ya haƙa, kuma labarinsa gargaɗi ne ga duk mai shirin rubuta wasiƙar ƙorafi. Jean d'Alembert, wanda sunansa ke cikin littattafan lissafi da na kimiyyar motsi har yau, ya rubuta a babban kundin ilmi na Faransa a kan jefa kwabo sau biyu: mene ne damar a sami kai aƙalla sau ɗaya? Amsar da aka sani 3/4 ce. Shi ya kawo hujjar cewa idan kai ya fito a jifan farko an gama, don haka sakamako uku ne kawai: kai tun farko, ko baya sannan kai, ko baya sau biyu. Biyu cikin uku nasara ne, amsa 2/3. Kuskuren shi ne ukun nan nauyinsu ba ɗaya ba ne. Na farkon shi kaɗai rabi ne, sauran biyun kwata-kwata. Wannan ma "wata hanya ce daban", kuma mai ita ba ƙaramin mutum ba ne, amma ba ta inganta ba. Duk hanyar da ta dogara da cewa abubuwa suna da dama iri ɗaya, sai an tsaya an tambaya: da gaske iri ɗaya ce, kuma me ya sa?

Ita ma hanyar ɗalibarmu tana da iyaka, kuma malamin kirki zai gwada ta a kan iyakar idan ta zo ofis. Zai iya cewa: to idan an ga ƙwallon farko ja ce fa? Amsa ta koma 4/7, domin yanzu an san wani abu, ƙwallayen ba su zama daidai a gabanmu ba. Ɗaya daga jajayen ta riga ta fita daga takara. Idan fara ce, 5/7. Ko ya canza dokar cirowa: idan ta farko fara ce a mayar da ita, idan ja ce a ajiye ta a waje. A nan launi ya shiga cikin dokar, don haka zancen kowace ƙwallo tana da dama iri ɗaya ya rushe. Dole a koma rassa: 5/8 × 4/7 + 3/8 × 5/8, wanda ya ba da 265/448, kusan 0.59, ƙasa da 0.625 na 5/8. Ɗalibar da ta ce nan take "a nan hanyata ba za ta yi ba, Malam, saboda dokar ta fifita wani launi" ta gama kare kanta. Wadda ta sake cewa 5/8 kuwa ta nuna haddar jimla ta yi.

Akwai yanayin da wasiƙar ba ta da wurin tsayawa tun daga tushe. Idan tambaya ta ce "ta amfani da zanen rassa", ko ta ce a yi amfani da amsar sashen baya, to hanyar ce ake gwadawa, kuma wanda ya bi wata ya amsa tambayar da ba a yi masa ba. Ƙa'idar da Cambridge ke bugawa a jagororin makinta na lissafi ta tafi a kan haka: kowace hanya ingantacciya tana iya cin cikakken maki, sai fa inda tambaya ta ayyana hanya. Shi ya sa jimlar nan ta cikin wasiƙar, cewa tambayar ba ta ambaci zanen rassa ba, take da nauyi fiye da tsawonta. Kafin a ɗauki biro a rubuta wa malami, a sake karanta tambayar kalma-kalma.

A kuma san bambancin gwaji da babbar jarrabawa. Takardar gwaji takan dawo hannun ɗalibi, makinta kuma yana hannun malami har zuwa lokacin da zai miƙa sakamako, don haka wasiƙa kai tsaye gare shi cikin kwanakin farko ita ce hanya. Takardar jarrabawar ƙarshen zango ba ta dawowa. Da zarar sakamako ya wuce sashe da tsangaya ya sami amincewar majalisar jami'a, malami ba shi da ikon canza shi da biron kansa ko da ya yarda ya yi kuskure. Sai an bi ta neman sake duba takarda a hukumance, yadda littafin dokokin ɗalibai na kowace jami'a ya tsara, kuma a wurare da yawa akwai kuɗin da ake biya, wani mai dubawa daban ne kuma ke karɓar takardar. Shi zai duba ta ne gaba ɗaya, ba tambaya ɗaya ba, maki kuma yana iya hawa yana iya sauka.

Maki nawa ya dace a ba ɗalibarmu? A ganina biyar ɗin duka. Dalilinta cikakke ne, ta ambaci sharaɗin da ya sa yake aiki, wato rashin sanin launin ta farko, kuma gajartar hujja ba aibi ba ce a lissafi. Malamin da ya ba ta huɗu, yana cewa ya so ta nuna daga ina "dama iri ɗaya" ta fito, ba zan ce ya yi zalunci ba, muddin haka zai yi wa kowa. Sifili ne kawai ba shi da madogara.

Aikin da ya rage na Malam ne, kuma ya fi gyara lamba ɗaya yawa. Idan ya karɓi hanyar daga hannun wadda ta yi magana, dole ya karɓe ta daga waɗanda suka yi shiru. Sai ya sa wakilin aji ya tattaro takardun duk waɗanda suka rubuta 5/8 aka ba su sifili, ya kasa su uku. Masu dalili irin nata su sami abin da ta samu. Waɗanda suka rubuta 5/8 × 5/8 a sashe na farko, suka sami 25/64, sun nuna da hannunsu cewa mayarwa suka ɗauka ana yi, sifilinsu yana nan. Kashi na uku su ne masu wuyar sha'ani: sun ci sashe na farko daidai, a na biyu kuma suka ajiye 5/8 ba ko kalma ɗaya a tare da ita. Bisa ƙa'idar M da A ba su da komai, sai dai idan Malam ya ga dama ya mayar da makin amsar ya zama B1 ga kowa da kowa, ya rubuta hakan a jagoran makinsa da kwanan wata, sannan ya sanar a aji.